Ciwon Ƙafar da Ke Zuwa da Tafiya, Ya Tafi da Tsayuwa

Akwai wani ciwon ƙafa da yake da ƙa'ida, ba ya saɓa ta. Mutum yana zaune lafiya lau, ya tashi ya kama hanya lafiya lau, sai ya yi 'yar tafiya, sha-raɓarsa ta ɗaure tamau kamar an matse ta da hannu. In ya daure ya ci gaba, ciwon ya ƙaru har ya fara ɗingishi. In ya tsaya cak, ko bai zauna ba, cikin minti biyu zuwa biyar sai ya sake shi. Ya sake kama hanya, ya sake cin kusan wannan nisan, ciwon ya dawo. Gobe ma haka, jibi ma haka, kusan a wuri ɗaya. Masu fama da shi sukan ce tsufa ne, ko sanyin ƙashi, ko gajiya. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Jini ne ba ya isa ga naman ƙafar yadda ya kamata, domin jijiyar da ke kai shi ta tsuke.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A shekarar 1831 wani likitan dabbobi a Faransa mai suna Bouley ya bayyana shi a jikin doki, wanda yake ɗingishi in ya yi gudu, ya warware in ya huta. A 1858 Jean-Martin Charcot ya bayyana irinsa a jikin ɗan Adam. A yau cutar ta bazu ko'ina: wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2013 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 202 ne ke ɗauke da ita a duniya a shekarar 2010, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗannan suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne.

Abin da ke faruwa a cikin jijiyar

Jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi suna da santsi a ciki. Shekara da shekaru, hayaƙin taba da yawan suga a jini da hawan jini suna ƙuje wannan santsin, sai kitsen da ake kira kolestarol ya riƙa shiga bangon jijiyar yana taruwa, bangon ya yi kauri ya yi tauri, hanyar jini ta ragu. Wannan cutar ce dai take toshe jijiyoyin zuciya ta kawo bugun zuciya, ita ce kuma take toshe na ƙwaƙwalwa ta kawo shanyewar ɓarin jiki. A nan ta sauka a ƙafa ne kawai.

Dalilin da ya sa ciwon yake jiran tafiya mai sauƙi ne. Naman ƙafa yana zaune ba ya buƙatar jini mai yawa, ɗan abin da ke wucewa ta tsukakkiyar hanyar ya ishe shi. Da an fara tafiya, buƙatarsa ta iskar oksijin sai ta ninka sau da yawa, hanyar kuma ba ta iya buɗewa. Duk mai babur ya san irin wannan: in tiyon mai ya toshe rabi, injin yana tsaye yana kaɗawa sumul, sai an hau gangare da kaya ya fara shaƙewa. Naman da oksijin ya gaza masa yana tara gubar aiki a cikinsa, ita ce ke jawo ɗaurewar da zafin. Da an tsaya, buƙata ta sauka, jini ya wanke gubar, ciwo ya lafa.

Inda ciwon yake yana nuna inda toshiyar take, domin kullum yana bayyana ne a ƙasa da ita. Mafi yawa a sha-raɓa ake jin sa, saboda jijiyar da ke bi ta cikin cinya ita ce ta fi yawan tsukewa. In a cinya ko mazaunai ake ji, to toshiyar tana can sama, wajen mara ko ciki, kuma a wurin maza irin wannan kan zo tare da raunin mazakuta, abin da da yawa ba sa faɗa wa likita sai an tambaye su.

Ba kowane ciwon ƙafa ne wannan ba, kuma bambancin yana cikin labarin da majiyyaci zai bayar. Mai ciwon gwiwa yakan ji shi tun takun farko, a gaɓar kanta, wata rana da sauƙi wata rana da tsanani. Mai matsewar laka a ƙashin baya shi ma tafiya na tayar masa da ciwo, amma doguwar tsayuwa ma tana tayar masa, kuma ba ya samun sauƙi sai ya zauna ko ya sunkuya gaba. Mai ciwon suga da jijiyoyin jinsa suka lalace yana jin raɗaɗi da tsikari a tafin ƙafa, musamman da dare, ko ya yi tafiya ko bai yi ba. Sai dai mutum ɗaya na iya haɗa biyu ko uku daga cikinsu. Ga kuma wani abin lura: masu wannan ciwon na ƙa'ida su ne marasa rinjaye a cikin masu cutar. Da yawa ba sa jin komai, wasu don sun rage tafiya ba tare da sun ankara ba. Dattijon da ya koma hawa babur ɗin ɗansa zuwa masallacin da bai fi taku ɗari uku ba, ba zai yi ƙorafin ciwo ba, domin ya daina yin abin da ke kawo shi. Shi ya sa labari kaɗai ba ya isa, sai an auna.

Awon idon sawu da damtse

Awon ba ya buƙatar allura ko ɗibar jini. Kayansa biyu ne: abin awon hawan jini na hannu, da wata 'yar na'ura mai girman wayar salula da ake kira Dofla, wadda in an ɗora bakinta a kan jijiya take fitar da sautin gudun jini. A takardar sakamako za a ga an rubuta haruffa uku, ABI, da lamba a gabansu. Tunanin da ke bayansa shi ne, in mutum yana kwance kuma jijiyoyinsa a buɗe suke, ƙarfin jini a idon sawu ya kamata ya yi daidai da na damtse, ko ma ya ɗan fi shi. In ya gaza sosai, akwai abin da ya tare hanya tsakanin zuciya da ƙafa.

Mu ɗauki misali. A ce wani dattijo ne mai shekara 62, ɗan kasuwa, ya sha taba shekara talatin, yana da ciwon suga. Ya ce wa likita, "Likita, ƙafar nan ta hagu ce. In na bar gida, kafin in kai bakin titi sai ta riƙe ni." Likita ya ce, "Baba, in kun tsaya tana sakin ku, ko sai kun zauna?" Ya ce, "Tsayuwa kawai, kamar ina gaisawa da wani, sai ta sake." Wannan amsar ta riga ta nuna hanya.

Za a kwantar da shi rigingine ya huta minti biyar zuwa goma, domin awo a zaune ko da gajiya yana ba da lambar ƙarya. A naɗa abin awon a damtsen dama, a shafa ɗan man da ke taimakon na'urar, a nemo sautin jijiya a lanƙwasar gwiwar hannu, a hura har sautin ya ɗauke, sannan a sassauta a hankali. Lambar da sautin ya dawo a kanta ita ake rubutawa, wato lambar sama ta awon hawan jini. A yi haka a ɗaya hannun. Sannan a naɗa abin awon a ƙwauri, dab da saman idon sawu, a saurari jijiyoyi biyu: ɗaya a gadon ƙafa, ɗaya a bayan idon sawu ta ciki. Kowace ƙafa lamba biyu ke nan.

A ce damtsen dama ya ba da 148, na hagu 140. Ana ɗaukar wanda ya fi girma, 148, shi za a yi amfani da shi ga ƙafafun biyu. Ƙafar dama ta ba da 142 da 150, sai a ɗauki 150, a raba da 148, a sami 1.01. Ƙafar hagu ta ba da 84 da 92, a ɗauki 92, a raba da 148, a sami 0.62. Lafiyayyar ƙafa tana faɗawa tsakanin 1.00 da 1.40. Daga 0.91 zuwa 0.99 bakin iyaka ne. Daga 0.90 zuwa ƙasa cutar ta tabbata, kuma in lambar ta gangara wajen 0.40 ƙafar tana cikin hatsari. Ƙafar hagun dattijon nan, da 0.62, tana daidai inda masu ciwon tafiya suka saba faɗawa.

Awon yana da iyakarsa, kuma iyakar ta fi shafar masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda. A jikinsu bangon jijiyar kan daskare ya yi tauri har abin awon ya kasa matse shi, sai lambar idon sawu ta fito sama fiye da gaskiya. Duk lambar da ta haura 1.40 ba alamar ƙarin lafiya ba ce, alama ce cewa awon bai yi aiki ba. A nan sai a koma babban yatsan ƙafa da ɗan ƙaramin abin awo, domin jijiyoyin yatsa ba su cika daskarewa ba, kuma a can lambar da ta gaza 0.70 ita ce ta cuta. Akwai kuma wanda labarinsa ya yi daidai da cutar amma lambarsa ta fito lafiya yana kwance. Irin wannan sai a sa shi ya yi tafiya har ciwon ya zo, a sake aunawa nan take. In lambar ta faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari, toshiyar ta tonu.

A ganina, babu dalilin da zai sa asibitin da ke duba masu ciwon suga kowane mako ya rasa wannan 'yar na'ura. Ma'aikacin jinya da aka koya masa zai yi awon cikin rubu'in awa, kuma ko ba na'ura, cire takalmin majiyyaci a taɓa jijiyoyin ƙafarsa ba ya cin kobo.

Tafiya ce maganin ciwon tafiya

Abin da hankali zai ba mutum shi ne, tun da tafiya ke kawo ciwon, a rage tafiya. 'Ya'ya ma haka suke cewa: "Baba, ku huta, mu za mu je muku." Wannan tausayi ne, amma yana ƙara nakasa ƙafar. Naman da aka daina amfani da shi yana ƙanƙancewa, nisan da mutum ke iya ci yana raguwa wata bayan wata. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa ga nisan tafiya shi ne tafiyar kanta, amma mai tsari.

Tsarin shi ne zama na minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, na tsawon aƙalla mako 12. A kowane zama mutum zai yi tafiya da saurin da zai kawo ciwon cikin minti uku zuwa biyar. Ba zai tsaya da zarar ya fara ji ba, zai ci gaba har ciwon ya kai matsakaici ko ya ɗan fi, sannan ya tsaya ya huta har ya lafa gaba ɗaya, ya sake farawa. Haka za a yi ta yi har lokacin ya cika. Mai farawa ba lallai ya kai minti 30 a makon farko ba, yana iya somawa da 15 ya riƙa ƙarawa. In ya kai ga yin minti takwas zuwa goma ba tare da ciwon ya tsayar da shi ba, sai ya ƙara sauri ko ya nemi hanya mai ɗan hawa.

Batun shiga cikin ciwon shi ne wurin da mutane ke ja da baya, kuma shi ne wurin da amfanin yake. Wani gwaji da aka yi a Amurka mai suna LITE, wanda aka buga a 2021, ya kwatanta masu tafiya a gida a hankali ba tare da ciwo ba da masu tafiya da saurin da ke kawo ciwon. Masu saurin ne suka ƙara nisa, masu lallaɓawa kuwa ba su fi waɗanda ba su yi atisayen ba. Kafin wannan, gwajin CLEVER na 2012 ya nuna cewa bayan wata shida, masu toshiya a manyan jijiyoyin mara da suka yi tafiya ƙarƙashin kulawar ma'aikata sun fi ƙara tsawon lokacin tafiya a kan waɗanda aka saka wa ƙarfen buɗe jijiya. Wannan ciwon na tafiya ba ya nufin naman yana lalacewa. Shi ne ke tilasta masa ya sauya.

Sauyin kuma a naman yake faruwa fiye da a jijiyar. Toshiyar tana nan inda take. Abin da ke canzawa shi ne naman ya koyi tatsar oksijin sosai daga ɗan jinin da ke iso masa, ƙananan jijiyoyi su ƙara iya buɗewa, takun mutum ya daidaita ya rage ɓarnar ƙarfi. Saboda haka dattijon nan zai iya komawa asibiti bayan wata uku yana cin ninkin nisan da yake ci a da, a auna shi a sami 0.62 ko kusa da haka. Kada wannan ya karya masa gwiwa. Ba da lambar ake gane ci gaba ba, da nisan tafiya ake ganewa, kuma in aka daina atisayen amfanin yana zubewa a hankali.

A ƙasashen da ke da hali, ana yin wannan a asibiti a kan na'urar tafiya. A wurinmu mafi yawa a unguwa za a yi, kuma yana yiwuwa. Mutum ya zaɓi hanya shimfiɗaɗɗiya, ya yi amfani da falwayoyin lantarki a matsayin ma'auni: yau a falwaya ta nawa ciwon ya fara, a ta nawa ya tsayar da shi. Ya rubuta a ɗan littafi, ko jika ya rubuta masa. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar ya fi, saboda rana. Takalmi ya zama rufaffe mai laushi da safa, ba silifa ba, musamman ga mai ciwon suga, kuma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu bayan an dawo. Ciwon ƙafa ne kaɗai ake daurewa. In ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebi mutum, a tsaya a nemi likita, kuma duk mai ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa kafin ya soma.

Magunguna, da abin da kowanne yake karewa

Mai ciwon yana tsoron a yanke masa ƙafa. Gaskiyar ita ce mafi yawan masu ciwon tafiya ƙafarsu ba ta kai ga haka, musamman in sun bar taba kuma sun riƙe sugansu. Abin da ya fi kashe su bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, domin wanda jijiyar ƙafarsa ta tsuke da wuya a ce na zuciyarsa sun tsira. Shi ya sa yawancin magungunan da likita zai rubuta ba don ciwon ƙafar ba ne, kuma majiyyaci ba zai ji wani sauƙi a sha-raɓarsa saboda su ba. Da yawa a nan suke ajiye su, suna cewa ba sa aiki.

Na farko shi ne maganin rage kolestarol na dangin statin, irin su atobastatin, miligiram 40 zuwa 80 a rana. Ana ba duk mai cutar, ko awon kitsen jininsa bai yi sama ba, domin yana rage hatsarin bugun zuciya da na rasa ƙafa. Na biyu shi ne mai hana jini dunƙulewa a kan toshiyar: asfirin ƙarami, miligiram 75 zuwa 100, ko kulofidogirel miligiram 75. Ga wasu masu babban hatsari likita kan haɗa asfirin da ribaroksaban miligiram 2.5 sau biyu a rana, haɗin da gwajin COMPASS na 2017 ya nuna amfaninsa, amma yana ƙara yiwuwar zubar jini. Mai gyambon ciki ko wanda ya taɓa yin baƙin bayan gida dole ya faɗa kafin a ba shi kowanne. Sai maganin hawan jini da na suga. Barin taba kuwa, sigari ce ko shisha, yana gaba da dukansu, domin duk wanda ya ci gaba da sha cutarsa ta fi saurin taɓarɓarewa, kuma ko an yi masa aiki jijiyar ta fi saurin sake toshewa.

Maganin da aka fi sani da ƙara nisan tafiya shi ne silostazol, miligiram 100 sau biyu a rana, rabin awa kafin abinci ko awa biyu bayansa. Amfaninsa matsakaici ne, yana ɗaukar makonni kafin ya bayyana, kuma in an yi wata uku ba a ga canji ba ana dakatar da shi. Yakan kawo ciwon kai, gudawa da bugawar zuciya da sauri. Ba a ba mai gazawar zuciya, wato wanda zuciyarsa ta raunana har ƙafafu ke kumbura numfashi ke sarƙewa. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada a saye shi a kyamis ba tare da likita ya duba ba.

Abin da ya fi damuna shi ne diklofenak da 'yan uwansa da ake sha kamar gyaɗa da sunan maganin ciwon jiki. Ba sa ƙara ko ɗigon jini a ƙafar, suna cin ƙodar mai ciwon suga da hawan jini, kuma in an haɗa su da asfirin suna iya fasa ciki. Haka nan ƙaho da tsaga da ake yi wa ƙafar da ke ciwo: rauni a ƙafar da jini bai ishe ta ba yana iya ƙin warkewa har ya zama gyambo. Gasa ta da ruwan zafi ko kusantar da ita ga kasko lokacin hunturu ma hatsari ne, domin mai ciwon suga na iya ƙonewa bai ji ba. Yankan farce wurin mai bi gida-gida da reza shi ma a kiyaye.

Aikin buɗe jijiya, ko ta hura ɗan balan-balan a cikinta da saka ƙarfe, ko ta yi wa jini sabuwar hanya a kewaye toshiyar, ana ajiye shi ne ga wanda ya yi atisayen da magani da gaske amma ciwon ya hana shi sana'arsa, da kuma wanda ƙafarsa ke cikin hatsari. Alamun hatsarin a bayyane suke. In ciwo ya fara zuwa a yatsu ko gaban ƙafa mutum yana kwance da dare, har sai ya sauko da ƙafar daga gado ya sami sauƙi, to jinin ya gaza ko da babu tafiya. In rauni ya wuce mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, ko yatsa ya fara baƙi, haka ne. Irin wannan mutum ba atisaye ne nasa ba, likitan jijiyoyin jini zai gani cikin kwanaki, a babban asibiti. In kuwa ƙafar ta yi ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi, ta koɗe, ta yi sanƙarau ko ta kasa motsi, jijiyar ta toshe gaba ɗaya ke nan, kuma naman ƙafa yana fara mutuwa cikin kimanin awa shida. Ko da tsakar dare ne a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da likitocin fiɗa.